Littafin aikina kan ƙa'idar matsakaiciyar ƙima

4 ga Fabrairu

Jiya ƙanwata ta kawo mini littafinta na kalkulas, ta nuna mini ƙa'idar matsakaiciyar ƙima, ta ce, "Yaya, na ga abin da aka rubuta, amma me ya sa dole ya zama gaskiya?" Na karanto mata ƙa'idar da ka, domin na haddace ta tun lokacin da nake ɗalibi, amma dalilin ya ƙi zuwa. Abin ya tsaya mini a rai. Saboda haka na buɗe wannan littafi, kuma na ɗibar wa kaina mako shida, awa ɗaya kowane dare, har sai na iya rubuta hujjar daga farko zuwa ƙarshe ba tare da na leƙa ko'ina ba, sannan in zaunar da ita in yi mata bayani.

Ga abin da ƙa'idar ta ce. A ɗauki fankshin f a kan tazarar da ta fara daga a ta ƙare a b. Sharaɗi na farko, zanensa ba ya tsinkewa ko'ina, har da kan a da b ɗin kansu. Sharaɗi na biyu, yana da diribatif a kowane ɗigo da ke tsakanin a da b. In waɗannan biyu suka cika, to akwai aƙalla ɗigo ɗaya, c, a tsakanin a da b, inda

f'(c) = (f(b) − f(a)) / (b − a)

Ɓangaren dama shi ne matsakaicin saurin canji: nawa aka canza gaba ɗaya, a raba da tsawon tazarar. Ɓangaren hagu kuwa saurin canji ne na nan take, a daidai ɗigo guda.

A zane, ina ganin abin kamar baka da tsirkiya. Lanƙwasar f ita ce bakan, miƙaƙƙen layin da ya haɗa bakinta biyu shi ne tsirkiyar. Ƙa'idar tana cewa akwai wani wuri a jikin bakan inda layin da ya shafe shi yake da gangara iri ɗaya da ta tsirkiyar. Da waɗannan sunaye zan riƙa kiransu a nan.

6 ga Fabrairu

Na fara da mota, tunda kowa da ita yake farawa. Mota ta yi kilomita 120 a cikin awa ɗaya da rabi. Matsakaicin gudunta kilomita 80 ne a awa. Ƙa'idar ta ce akwai lokacin da allurar gudun ta tsaya daidai a kan 80, ko da na ƙiftawar ido ne.

Na so in ƙirƙiri tafiyar dalla-dalla don in ga lokacin da ido. Na ce motar ta yi kilomita 60 na farko da gudun 60, sauran kilomita 60 ɗin da gudun 120. Kuskuren farko ya zo nan take: na haɗa 60 da 120 na raba biyu na sami 90, na rubuta cewa shi ne matsakaicin. Ba haka ba ne. Rabin farko ya ci awa ɗaya cur, rabi na biyu ya ci minti 30 kawai, don haka motar ta fi daɗewa a kan ƙaramin gudun. Jimillar nisa a kan jimillar lokaci, 120 a raba da 1.5, shi ne 80. Matsakaicin da ƙa'idar take nufi ke nan, ba wai a tara lambobin da aka gani a allura a raba ba.

Abu na biyu ya fi damuna. A tafiyar da na ƙirƙira, gudun motar ko dai 60 ne ko 120. Babu inda ya zama 80. Na yi kusan minti ashirin ina tunanin na karya ƙa'idar, kafin na zana nisa a kan lokaci na ga abin da ya faru. Zanen layi ne miƙaƙƙe guda biyu da suka haɗu a daidai awa ɗaya, kuma wurin haɗuwar kusurwa ce mai tsini. A kan wannan tsini babu diribatif: daga hagu gangarar 60 ce, daga dama 120. Sharaɗi na biyu ya faɗi a ɗigo ɗaya tak, kuma ɗigo ɗayan nan ya isa ya rushe sakamakon. Motar gaske ba ta tsallakawa daga 60 zuwa 120 ba tare da ta bi ta 80 ba, tawa ta takarda ce kaɗai ke iya haka.

7 ga Fabrairu

Zane kawai na yi yau. Lanƙwasa guda takwas da hannu, kowacce na ja mata tsirkiya, sannan na riƙa zame rula ba tare da na juya ta ba har ta shafi bakan. Duk takwas ɗin na sami wurin.

10 ga Fabrairu

Dutse mai faɗowa daga sama, in an yi watsi da iska, nisan da ya yi bayan daƙiƙa t shi ne s(t) = 4.9t² a mita. Daga daƙiƙa ta 1 zuwa ta 3, ya tashi daga mita 4.9 zuwa mita 44.1, wato mita 39.2 cikin daƙiƙa biyu, matsakaicin gudu 19.6. Gudunsa na nan take 9.8t ne, kuma 9.8t ya zama 19.6 a t = 2. Tsakiyar tazarar daidai. Na gwada daga 0 zuwa 4, na sake samun 2. Na gwada daga 2 zuwa 5, na sami 3.5. Har na rubuta a gefen takarda cewa c tsakiya ce kullum.

Da na ɗauki f(x) = x³ daga 0 zuwa 3 sai maganar ta watse. Matsakaicin canjin 27 a raba da 3 ne, wato 9. Diribatif ɗin 3x² ne, don haka 3c² = 9, c = √3, kusan 1.732. Tsakiyar tazarar kuwa 1.5 ce. Ashe faɗawa tsakiya hali ne na x² kaɗai da danginsa, kuma dalilin a fili yake: (b² − a²)/(b − a) daidai yake da a + b, diribatif ɗin kuma 2c, sai c ta zama rabin a + b. Misalai uku da na gwada duk 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa suka ba ni amsa iri ɗaya.

Na kuma gwada x³ daga −2 zuwa 2. Matsakaicin 4 ne, 3c² = 4, sai ga c guda biyu, kusan 1.155 da −1.155, duk a cikin tazarar. To ƙa'idar ba ta faɗi inda c take ba, ba ta kuma faɗi ko guda nawa ce ba. Alkawarinta ɗaya ne: akwai ta.

Wannan x³ daga 0 zuwa 3 zan riƙe shi ya zama ma'aunina. Duk matakin hujja da na rubuta, sai na gwada shi a kansa.

12 ga Fabrairu

Ban yi komai ba, aiki ya riƙe ni har dare.

15 ga Fabrairu

Dare uku na kashe a kan wata hujja da na gina da kaina, kuma yau na tabbatar ba ta tsaya ba. Zan rubuta ta yadda take, domin ina jin ita ce hujjar da ke fara zuwa wa kowa a rai.

Na ce: ba zai yiwu motar ta yi dukan tafiyar ƙasa da 80 ba, don da ba ta cika kilomita 120 a kan lokaci ba. Ba zai kuma yiwu ta yi dukanta sama da 80 ba, don da ta wuce. Ke nan wani lokaci tana ƙasa, wani lokaci tana sama, kuma wanda zai tashi daga ƙasa da 80 zuwa sama da 80 dole ya ratsa ta 80. Shi ke nan. Na ji daɗinta ƙwarai, na ɗauki hotonta na aika wa tsohon malamina na lissafi.

Amsarsa tambayoyi biyu ce. Ta farko: "Ina ka samo cewa in gudun yana ƙasa da 80 kullum, to nisan ba zai kai 120 ba?" Na ce, Malam, ai wannan a bayyane yake. Ya ce a bayyane yake ga ido, amma in je in duba yadda ake tabbatar da shi. Na duba. Maganar cewa idan diribatif yana ƙasa da wani adadi ko'ina to jimillar canjin ma tana ƙasa da adadin sau tsawon tazarar, a littattafan kalkulas da wannan ƙa'idar tamu ake tabbatar da ita. Ke nan na jingina ƙa'idar a kan 'yarta. Ana iya tabbatar da maganar ta wata hanya daban, amma ni ban yi hakan ba, ɗauka kawai na yi.

Tambaya ta biyu ta fi zurfi: "Wa ya ce maka f' ba ya tsinkewa?" Na koma na karanta sharuɗɗan. An ce f ba ya tsinkewa, an ce f' yana nan a kowane ɗigo na ciki. Ba a ce f' ba ya tsinkewa ba. Ni kuwa a matakina na ƙarshe, inda na ce dole a ratsa ta 80, dalilin da na bayar shi ne gudu ba ya tsalle, wato na ƙara sharaɗin da ba a ba ni ba.

Na tambaye shi ko da gaske akwai fankshin mai diribatif ko'ina amma diribatif ɗin ya tsinke. Ya aiko mini da wannan: f(x) = x² sin(1/x) idan x ba sifili ba ne, kuma f(0) = 0. Na lissafa da kaina. A sifili diribatif ɗin 0 ne, domin f(h)/h daidai yake da h sin(1/h), wanda girmansa bai wuce na h ba. A sauran wurare kuwa 2x sin(1/x) − cos(1/x) ne, kuma yayin da x ke matsowa kusa da sifili, wannan adadi yana ta kai da komo tsakanin kusan −1 da 1, ba ya dosar ko'ina. Diribatif ɗin yana nan ko'ina, amma ya tsinke a sifili. Ƙa'idar ta shafi wannan fankshin, hujjata kuwa ba ta kai gare shi ba.

Asarar: awa huɗu da shafi tara. Ban yage su ba, na ja layi a kansu na rubuta tambayoyin Malam biyu a sama.

17 ga Fabrairu

Na sake lissafa misalin Malam don in tabbata ba haddace shi na yi ba. Ya fito daidai.

20 ga Fabrairu

Yau na tsaya a kan abin da a da nake ɗauka ƙaƙale ne kawai: me ya sa sharaɗi na farko ya haɗa da a da b, na biyu kuma ya bar su waje?

Na ɗauki f(x) = x daga 0 har zuwa dab da 1, amma a kan 1 ɗin kansa na ce f(1) = 0. Zanen yana hawa lafiya, sai a ɗigon ƙarshe ya faɗo ƙasa. Tsirkiyar a kwance take, tunda f(0) da f(1) duk sifili ne, gangararta 0. Amma diribatif ɗin 1 ne a ko'ina a ciki. Babu c. Tsinkewa a ɗigon baki guda ɗaya ta kashe ƙa'idar, saboda ɓangaren dama na lissafin da f(a) da f(b) aka gina shi, in kuwa ɗayansu ya rabu da sauran zanen, to tsirkiyar ba ta wannan bakan ba ce.

Sai ɗaya ɓangaren. f(x) = √x daga 0 zuwa 4. A sifili zanen yana tashi ne a tsaye, ba shi da diribatif a nan. Amma matsakaicin canjin 2 a raba da 4 ne, wato rabi, kuma 1/(2√c) ya zama rabi a c = 1. Ƙa'idar ta yi aiki. Da an nemi diribatif har a baki, da an kori wannan misali ba gaira ba dalili. Yanzu na gane an auna sharuɗɗan ne daidai da abin da hujjar za ta buƙata, ba ƙari ba ragi.

Shirin mako mai zuwa: ƙa'idar Rolle, wato yanayin da tsirkiyar take a kwance.

24 ga Fabrairu

Ƙa'idar Rolle ita ce tamu idan f(a) = f(b). Matsakaicin canjin sifili ne, don haka ana neman c inda f'(c) = 0. Wanda ya jefa dutse sama ya dawo hannunsa, akwai lokacin da dutsen ya tsaya cak a can sama.

Hujjar tana tafiya ne a kan ƙafa biyu. Ta farko, fankshin da ba ya tsinkewa a kan tazara rufaffiya, wadda ta haɗa da bakinta biyu, dole ya kai wata ƙima mafi girma da wata mafi ƙanƙanta a cikin tazarar. Wannan na karɓe shi yadda yake a yanzu, ban tabbatar da shi ba, kuma na sa masa alama don in dawo kansa.

Ƙafa ta biyu ita na yi yau. A ce f ya kai ƙololuwarsa a wani ɗigo c na ciki, kuma yana da diribatif a nan. In na matsa dama kaɗan da h, to f(c + h) − f(c) ba zai wuce sifili ba, tunda babu inda ya fi c tsawo. Na raba da h da ke sama da sifili, sakamakon bai wuce sifili ba. In na matsa hagu, saman lissafin yana nan yadda yake, bai wuce sifili ba, amma h yanzu ƙasa da sifili take, sai alamar ta juya, sakamakon bai gaza sifili ba. Tunda diribatif ɗin yana nan, abin da ake dosa daga dama da abin da ake dosa daga hagu adadi ɗaya ne. Adadin da bai wuce sifili ba kuma bai gaza sifili ba, sifili ne.

A nan ne na ga amfanin kowace kalma. Dole c ta kasance a ciki, don in sami damar matsawa ta ɓangarori biyu. Dole diribatif ya kasance, don ɓangarorin biyu su yarda da juna. A kan kusurwa mai tsini, irin ta motata ta takarda, ba sa yarda.

26 ga Fabrairu

Na rubuta hujjar Rolle gaba ɗaya, sannan na gwada ta a kan ma'aunina, sai ta karye a hannuna.

Abin da na rubuta shi ne: f yana da ƙololuwa a wani ɗigo c, saboda haka f'(c) = 0. Don gwaji na ɗauki g(x) = x³ − 9x daga 0 zuwa 3, wanda yake sifili a baki biyun. Na nemi ƙololuwarsa. A x = 1 ƙimarsa −8, a x = 2 kuma −10. Ko'ina a ciki ƙasa da sifili yake. Ƙimarsa mafi girma ita ce 0, kuma a baki take, a 0 da 3. A x = 3 diribatif ɗin 18 ne, ba sifili ba. Matakin da na yi shekaranjiya na ɗigon ciki ne kaɗai, ni kuma na yi amfani da shi ban duba ko ƙololuwar a ciki take ba.

Gyaran ya ɗauke ni kusan awa ɗaya kafin na tsara shi da tsabta. Ana duba mafi girma da mafi ƙanƙanta tare. Idan duka biyun a baki suke, to tunda f(a) = f(b), mafi girman da mafi ƙanƙantar adadi ɗaya ne, ke nan fankshin a kwance yake gaba ɗaya, diribatif ɗinsa sifili ne ko'ina, kowane ɗigo na ciki zai iya zama c. Idan kuwa ba haka ba, to aƙalla ɗayansu yana ciki, tudu ne ko kwari, kuma a nan diribatif ɗin sifili ne. Hujjar kwarin iri ɗaya ce da ta tudun, alamomin ne kawai ke juyawa. A misalina kwari ne, a x = √3.

1 ga Maris

Na rubuta Rolle sau biyu da ka. Karo na biyu babu gyara.

3 ga Maris

Daren da na fi jin daɗi tun da na fara.

Daga Rolle zuwa cikakkiyar ƙa'idar mataki ɗaya ne: a kwantar da tsirkiyar. A kira gangararta m, wato (f(b) − f(a))/(b − a). Tsayin tsirkiyar a kan kowane x shi ne f(a) + m(x − a). Sai a ƙirƙiri sabon fankshin da ke auna ratar da ke tsakanin baka da tsirkiya:

g(x) = f(x) − f(a) − m(x − a)

A baki biyun baka da tsirkiya a haɗe suke, don haka g(a) = 0 kuma g(b) = 0. Miƙaƙƙen layi kawai aka cire daga f, saboda haka g ba ya tsinkewa inda f ba ya tsinkewa, kuma yana da diribatif inda f yake da shi. Sharuɗɗan Rolle sun cika. Akwai c a ciki inda g'(c) = 0. Amma g'(x) = f'(x) − m. Ke nan f'(c) = m. An gama.

A da ina ganin wannan g kamar daga sama aka jeho shi, haddace shi kawai nake yi. Yau da na sa f(x) = x³ da m = 9, sai ga x³ − 9x ya fito, wato fankshin da ya karya mini hujja ranar 26. Kwarinsa yana √3, zurfinsa −6√3, kusan −10.39. Ma'anarsa, c ɗin da hujjar ke kamowa shi ne wurin da baka ya fi nisa da tsirkiya. A harshen mota: a sa wata mota ta biyu ta tashi tare da tawa, ta riƙe 80 ba canji, su isa tare. g ita ce tazarar da ke tsakanin motocin biyu. A lokacin da tazarar ta kai iyakar faɗinta, ta daina ƙaruwa ba ta fara raguwa ba, a wannan lokacin gudunsu ɗaya ne. Wannan bayanin zan ba ƙanwata, domin shi ne hujjar kanta, ba kwatance kawai ba. Kuma babu inda aka nemi f' ya zama marar tsinkewa.

5 ga Maris

Na ɗan karanta tarihin abin. Michel Rolle ya fitar da tasa a 1691, a kan lissafin polinomiyal kawai, kuma ba da kalkulas ba. Lagrange ya kawo ƙa'idar a 1797, Cauchy ya ba da hujjarta a 1823, kuma hujjar tasa ta dogara da cewa diribatif ɗin ba ya tsinkewa, sharaɗin nan da na shigo da shi ranar 15 ga Fabrairu. Hujjar da ake koyarwa yanzu, wadda ke bi ta Rolle, ana danganta ta ga Ossian Bonnet, ta fito a littafin Serret a 1868. Shekara 45 ke nan tsakanin hujjar Cauchy da wadda ta sauke wancan sharaɗi.

Wani abu kuma da ya faɗo mini: c ɗin ma'aunina √3 ce, wadda ba a iya rubuta ta a matsayin lamba bisa lamba. Da a ce lambobin da ake iya rubutawa lamba bisa lamba kaɗai muke da su, da x³ daga 0 zuwa 3 ya rasa c. To gaskiyar ƙa'idar tana rataye ne a kan cewa layin lambobi ba shi da rami, kuma a hujjar, wurin da wannan ya shigo shi ne ƙafar farko da na karɓa ban tabbatar ba.

8 ga Maris

Tambayar da na san ƙanwata za ta yi mini: in ba a san inda c take ba, mene ne amfaninta? Na shirya mata amsa da √101.

A ɗauki √x daga 100 zuwa 101. Ƙa'idar ta ce √101 − 10 = 1/(2√c), da wata c tsakanin 100 da 101. Ban san c ba, amma na san √c ya fi 10, don haka bambancin bai kai 1/20 ba, wato 0.05. Ke nan √101 bai kai 10.05 ba. Wannan kuma ya nuna √c ma bai kai 10.05 ba, don haka bambancin ya fi 1/20.1, wanda ya ɗan haura 0.0497. An tsare √101 tsakanin 10.0497 da 10.05 ba tare da na'ura ba. Na duba a kalkuleta, 10.04988 ne. Ba c ake nema ba, iyakokin diribatif ake nema, ƙa'idar kuma ta mayar da su iyakokin canjin gaba ɗaya.

Da wannan hanyar ake tabbatar da cewa fankshin da diribatif ɗinsa sifili ne ko'ina a kan tazara, a kwance yake: a ɗauki kowane ɗigo biyu, bambancin ƙimarsu f'(c) ne sau nisan da ke tsakaninsu, wato sifili. Kalmar tazara a nan tana da nauyi. Fankshin da yake 0 a hagun sifili, 1 a damansa, ba a kuma ba shi ƙima a sifilin ba, diribatif ɗinsa sifili ne duk inda yake, amma ba ƙima ɗaya gare shi ba.

11 ga Maris

Na rubuta dukan hujjar da ka, shafi ɗaya da rabi, minti 25. Na aika wa Malam. Gyara ɗaya ya yi: in faɗi a sarari cewa a ƙasa da b take, don rabawa da b − a ta halatta.

14 ga Maris

Mun zauna da ƙanwata kusan awa biyu. Na fara da motoci biyun, ban rubuta ko harafi ɗaya ba sai da ta faɗi da bakinta cewa a lokacin da tazarar ta fi faɗi gudunsu ɗaya ne. Daga nan g bai ba ta wahala ba. Inda ta tsaya shi ne juyawar alama idan h tana ƙasa da sifili, sai da muka sa lambobi na gaske, c = 0 da f(x) = −x², h = 0.1 sannan h = −0.1, ta ga −0.1 da 0.1 sun fito.

Sannan ta yi mini tambayar da ban shirya mata ba. Ta ce, "Yaya, mai gudu ya zagaya fili ya dawo inda ya tashi. Canjin wurinsa sifili ne. Ke nan akwai lokacin da ya tsaya?" Bai tsaya ba, kuma ta san bai tsaya ba. Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan muka rubuta wurinsa a matsayin (cos t, sin t), t daga 0 zuwa 2π. Ƙa'idar tana aiki a kan kowane ɓangare shi kaɗai. Motsinsa na gabas da yamma yana zama sifili a t = π. Motsinsa na kudu da arewa yana zama sifili a π/2 da 3π/2. Amma ba a lokaci ɗaya ba, shi ya sa gudunsa 1 ne kullum. Hujjarmu ta dogara da mafi girma da mafi ƙanƙanta, su kuwa na lambobin da ke jere a layi ɗaya ne. Ɗigon da ke kan fili ba a cewa wannan ya fi wancan girma. Na gaya mata gaskiya cewa tambayarta ta nuna mini iyakar ƙa'idar fiye da yadda na gan ta ni kaɗai.

Jimillar abin da aikin ya ci zuwa yau: kusan awa 31 da littafin rubutu guda, saura shafi shida.

16 ga Maris

Bashi biyu suka rage. Na farko, ƙafar da na karɓa ranar 24 ga Fabrairu, cewa fankshin marar tsinkewa a kan tazara rufaffiya yana kai mafi girmansa. Zan fara da hanyar raba tazara biyu-biyu, na ba shi mako biyu. Na biyu, tambayar mai zagaya fili. Malam ya ce abin da ke tsira a can ba daidaito ba ne, iyaka ce: nisan da ke tsakanin mafari da ƙarshen tafiya ba ya wuce gudu mafi girma sau lokacin da aka ɗauka. Ƙanwata ta ce da ita za a yi wannan. Mun sa ranar 22.